Taken Saƙon Imel: Layin da Ake Karantawa Kafin a Buɗe

Mutumin da saƙonnin imel ɗari ke jiransa ba karanta su yake fara yi ba, tsintar su yake yi. Yakan ɗauki waya tsakanin wannan zama da wancan, ko a cikin mota kafin a fita daga cunkoso, ya riƙa jan jerin da babban yatsa yana yanke wa kowane saƙo hukunci: wannan yanzu, wannan sai an jima, wannan a tura wa wane, wannan ko an bar shi ba abin da zai faru. Abubuwa uku kacal manhajar ke nuna masa kafin ya buɗe, kuma a kansu yake yanke hukuncin: sunan wanda ya aiko, taken saƙon, da ɗan guntun farkon rubutun da ke fitowa dishi-dishi a ƙasa. In bai san mai sunan ba, nauyin duka ya koma kan taken.

Taken shi ne abin da ake rubutawa a gurbin nan da ke ƙarƙashin adireshi, inda aka sa `Subject` a manhajar Turanci, ko `Objet` ga masu aiki da Faransanci a Nijar da Chadi da Kamaru. Gurbin ya girmi yawancin masu amfani da shi. An gado shi ne daga takardar cikin ofis, wadda ake rubuta wa wanda ta fito daga gare shi, da wanda za ta je wa, da kwanan wata, da abin da ta ƙunsa. Ƙa'idar tsarin saƙon imel da David Crocker ya tsara a 1982, wadda ake kira RFC 822, ta tanadi wannan gurbi, kuma wata da ta zo daga baya a 2008, RFC 5322, ba ta sauya shi ba. Wani abu da ke cikin ƙa'idar ya cancanci a lura da shi: dole saƙo ya ɗauki kwanan wata da adireshin mai aikowa, amma take ba dole ba ne. Na'ura ba ta buƙatarsa don ta isar da saƙo. Ko an bar gurbin fayau saƙon zai isa, sai dai ya bayyana da `(no subject)` a jerin mai karɓa. Ke nan don ɗan Adam kaɗai aka yi layin, kuma ɗan Adam ɗin da aka yi dominsa ba mai rubutawa ba ne, mai karɓa ne.

A nan ne mu Hausawa muke da wata 'yar tangarɗa da ta samo asali daga tarbiyya mai kyau. An koya mana cewa ba a faɗa wa mutum da buƙata kafin a gaishe shi. Wasiƙarmu ta takarda da sallama take farawa, sai gaisuwa da fatan alheri, sai tambayar iyali, sannan a gangaro kan dalilin rubutu. To da mutum ya buɗe manhajar imel ya ga gurbin farko da ke jiran rubutu, sai hannunsa ya rubuta abin da bakinsa zai fara faɗa: `Assalamu alaikum`, ko `Barka da warhaka`, ko `Gaisuwa`. Ladabi ne, ba shakka. Amma a jerin shugaban sashe ko jami'in banki, saƙo goma na iya zuwa da wannan take ɗaya a rana guda, kuma ba yadda zai yi ya san wanne ne ke neman sa hannu kafin azahar, wanne ne gayyatar ɗaurin aure. Ɗan kamasho a tashar mota ba ya kiran fasinja da "ina kwana", sunan gari yake kira, Zariya ko Maraɗi, sai ka matso kusa ku gaisa. Gaisuwa ba ta ɓata ba, tana da gurbinta a layin farko na cikin saƙon, kuma a can za a iya yin ta yadda ta kamata, da "ranka ya daɗe" da komai.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe, irin wanda kowane gidan da ke da ɗalibi a jami'a ya sani. An kafe sakamakon zango, ɗaliba 'yar aji biyu ta duba ta ga duk darussanta sun fito in ban da guda, a ce `CHM 201`. Ta zauna jarrabawar, ta sa hannu a takardar halarta, amma gurbin makin babu komai. Sashen ya sanar cewa duk mai ƙorafi ya shigar kafin 14 ga Maris, domin daga nan za a miƙa sakamakon gaba. Za ta rubuta wa jami'in jarrabawa na sashen, malamin da ke da nasa azuzuwan da zai koyar, ga ɗaliban da yake duba wa kundin bincike, kuma a wannan makon akwatinsa ya cika da ƙorafe-ƙorafe irin nata.

Abin da zai fara zuwa mata shi ne `Neman taimako`. Gaskiya ne taimako take nema, amma kowa ma shi yake nema. Taken ya bayyana halin da take ciki, bai bayyana aikin da malamin zai yi ba. Sai ta gyara zuwa `Matsalar sakamako`. An ɗan matsa gaba, domin yanzu malamin ya san fannin maganar. Sai dai a makon da aka kafe sakamako, rabin saƙonninsa matsalar sakamako ce. Wani makinsa ne bai fito ba, wani ya fito amma yana ganin an tauye shi, wani sunansa aka rubuta ba daidai ba, kuma kowanne da hanyar da ake bi a warware shi. Wannan shi ne gwajin farko da nake ba kowa shawara ya yi wa takensa: ka ƙaddara kana kallon akwatin mai karɓa, ka tambayi kanka mutum nawa ne za su iya aiko masa da wannan take ɗin a yau. In amsar ta wuce mutum biyu ko uku, da sauran aiki.

Daga nan sai a faɗa ɗaya ramin. Ɗalibar ta gane cewa ana son bayani, sai ta zuba shi duka yadda za ta faɗa da baki:

```
Ina roƙon a taimaka a duba mini matsalar sakamakona na CHM 201 da bai fito ba
```

Komai yana ciki, kuma da ladabi. Matsalar ita ce tsawo da jeri. Layin nan haruffa 77 ne in an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Waya kuwa, in an riƙe ta a tsaye, abin da take nunawa na take a jerin saƙonni bai cika wuce haruffa 30 zuwa 40 ba, gwargwadon faɗin fuskarta da girman rubutun da mai ita ya zaɓa. Dattijon da ya ƙara girman rubutu saboda ido, abin da zai gani bai ma kai haka ba. In muka yanke a harafi na 35, ga abin da zai bayyana a wayar malamin:

```
Ina roƙon a taimaka a duba mini mat...
```

Sunan darasin, wanda shi ne abu mafi amfani a layin, sai a harafi na 56 ya fara, can bayan inda aka yanke. Duk filin da ake gani ya tafi a share fage. Wato ta rubuta dogon take amma abin da ya isa idon malamin bai fi `Neman taimako` ba.

Gyaran ba rage ladabi ba ne, sauya jeri ne. A sa abin da ya bambanta wannan saƙo da sauran a gaba, abin da ya faru ya biyo, sai abin da ake so a yi, sai wa'adi:

```
CHM 201: makina bai fito ba, a duba kafin 14 ga Maris
```

Haruffa 53 ne, kuma in aka yanke a na 35 abin da ya rage shi ne `CHM 201: makina bai fito ba, a duba`. Ko a ƙaramar waya malamin ya san darasin, ya san irin matsalar, ya san ana son ya yi wani abu. Kuma akwai abin da wannan take ya ba shi dama ya yi wanda na baya ba su ba shi ba. Zai iya lura cewa saƙo huɗu a jerinsa duk da `CHM 201` suka fara, ya gane cewa wataƙila ba matsalar ɗaliba ɗaya ba ce, shafi guda ne na takardar maki ya maƙale a wani wuri, ya kira malamin darasin sau ɗaya ya warware wa mutum huɗu. Bai buɗe ko ɗaya ba tukuna.

A lura da yadda aka rubuta wa'adin. Ba a ce "gobe" ko "wannan makon" ba, domin ba a san ranar da za a karanta saƙon ba, kuma "gobe" ta ranar Litinin in aka gan ta ranar Laraba sai ta rikitar da mutum. Ba a kuma rubuta shi da lambobi zalla ba. In aka rubuta `4/3`, a Najeriya da Nijar 4 ga Maris ke nan, amma Ba'amurke 3 ga Afrilu zai karanta, domin su wata suke fara sawa kafin rana. Ga ɗalibar da ke rubuta wa malaminta wannan ba zai dame ta ba, amma ranar da za ta rubuta wa wata jami'a a waje neman gurbin karatu, wata guda cur na iya salwanta a tsakanin lambobi biyun nan. Rubuta sunan watan ya kashe maganar.

Wani zai ce ai sa wa malami wa'adi rashin kunya ne. Da ita ta ƙirƙiro wa'adin, da sai in yarda. Amma sashen ne ya sa shi, ita tunatarwa kawai ta yi, kuma mai aiki da yawa ya fi kowa son a gaya masa abin da zai iya jira da wanda ba zai iya ba. A 2016 wani marubuci da ya yi aikin sojan ruwa na Amurka, Kabir Sehgal, ya bayyana a mujallar Harvard Business Review yadda sojoji ke fara taken saƙo da kalma guda mai nuna abin da ake so, kamar `ACTION` in aiki ake so a yi, `SIGN` in sa hannu ne, `INFO` in sanarwa ce kawai, `DECISION` in hukunci ake jira. Dabarar tana da kyau, amma ban ga ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci a wajenmu zai aika wa na gaba da shi umarni da manyan baƙaƙe a kwashe lafiya ba. Abin ɗauka a ciki shi ne rarrabewar. Muna da hanyarmu mai laushi ta yin haka: `Neman izini:` ko `Don sa hannu:` ko `Tunatarwa:` ko `Don sani kawai:`. Na ƙarshen nan kyauta ce babba ga mai karɓa, domin ka gaya masa cewa ba ka jiran komai daga gare shi, ya karanta in ya samu sarari. Wanda ya saba yi wa mutane wannan adalci, ranar da ya rubuta cewa abu na da wa'adi za a yarda da shi.

Akwai kuma dabarar da ta fi duk waɗannan sauƙi: a rubuta taken a ƙarshe. Manhaja ta sa gurbinsa a sama, shi ya sa ake cike shi tun mutum bai gama sanin abin da zai faɗa ba. In aka gama rubuta saƙon, sai a nemi jimlar da ke ɗauke da ainihin buƙatar, a taƙaita ta, a kai ta sama. In an nema an rasa jimla guda da za ta wakilci saƙon, galibi alama ce cewa magana biyu ce aka cusa a wuri ɗaya. Ɗalibarmu in tana son ta kuma tambayi yadda ake sauya darasin zaɓi, wannan saƙo ne na dabam da nasa take. In ta haɗa su, za a amsa ɗaya a manta ɗaya, kuma wanda ba ya cikin take shi za a manta.

Aikin take ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe saƙon. Jami'in jarrabawa ba shi ke riƙe da takardun amsa ba, don haka zai tura saƙon ga malamin darasin, manhajar ta liƙa `Fwd:` ko `FW:` a gaban taken, ko `TR:` a wasu manhajojin Faransanci. Yanzu sunan da ke saman saƙon na jami'in ne, ba na ɗalibar ba, kuma "makina" ya zama makin wa? Saboda haka yana da kyau ta ƙara lambar rajistarta a ƙarshen taken, bayan wa'adin. Ba za a gan ta a jerin waya ba, kuma ba komai, domin amfaninta na gaba ne: malamin darasin zai gan ta da ya buɗe, ya nufi takardar halarta kai tsaye. Kowane `Fwd:` da `Re:` da aka liƙa kuma yana cin haruffa huɗu ko biyar daga ɗan filin da ake gani, wanda ƙarin dalili ne na sa muhimmin abu a farko.

Bayan wata shida, lokacin tantance waɗanda za su wuce aji na gaba, maganar na iya sake tasowa, a ce ina shaidar cewa ta yi ƙorafi a kan lokaci. A Gmail, jami'in zai rubuta wannan a gurbin bincike:

```
subject:"CHM 201"
```

Duk saƙon da ke da waɗannan kalmomi a takensa zai fito. Wanda aka sa wa `Gaisuwa` ba zai fito a wannan binciken ba, sai an bi ta wata hanyar, in an tuna sunan mai shi. Don haka a riƙa amfani da sunan da ofishin da kansa yake kiran abin da shi, lambar darasi ko lambar takardar biya ko lambar fayil, ba sunan da mutum ya raɗa masa a ransa ba. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati da suka saba da lambar fayil a saman kowace wasiƙa sun riga sun san wannan.

Kuskuren da ya fi ɓatar da saƙonni a ganina ba mummunan take ba ne, tsohon take ne. Mutum yana son ya rubuta wa jami'in amma bai riƙe adireshinsa ba, sai ya lalubo wani saƙo da jami'in ya taɓa aiko wa ɗalibai watanni uku da suka wuce, ya danna `Reply`, ya rubuta sabuwar maganarsa. Saƙon zai tafi da take irin `Re: Jadawalin jarrabawa`. Gmail da Outlook suna tara saƙo da amsoshinsa a zare ɗaya, don haka ƙorafin makin zai shige ƙarƙashin tsohuwar maganar jadawali, tare da amsoshin "mun gode Malam" guda talatin. Jami'in zai ga zaren ya motsa, ya ce a ransa jarrabawar da aka gama ce, ya wuce. Mai saƙon kuma yana can yana cewa an yi banza da shi. Yadda ake gane an faɗa wannan rami abu ne mai sauƙi: ka duba saƙon da ka aika, in takensa ya fara da `Re:` alhali ba amsa kake bayarwa ba, to ka binne maganarka da hannunka. Maganin shi ne a kwafi adireshin a buɗe sabon saƙo. In kuma ana cikin zare ne maganar ta sauya alƙibla, a Gmail na kwamfuta akwai 'yar kibiya a gefen sunan wanda ake ba amsa, a cikinta akwai `Edit subject`. Da an sauya taken, Gmail zai ware saƙon ya zama sabon zare.

Akasin haka ma yana faruwa. In kwana uku sun wuce ɗalibar ba ta ji komai ba, bai kamata ta buɗe sabon saƙo da sabon take ba, balle ta sa masa `Tunatarwa` kawai. Ta koma kan wanda ta aika ta ba da amsa a kansa, domin maganar ba ta sauya ba, kuma jami'in zai ga tunatarwar da asalin bayanin a wuri ɗaya. Sabuwar magana, sabon take. Tsohuwar magana, tsohon zare.

Sai maganar gaggawa. Da yawa suna ganin hanyar jan hankalin mai aiki ita ce `URGENT!!!` ko `GAGGAWA` da manyan baƙaƙe. Wani ɓangare na wannan gado ne daga wasiƙar ofis ta takarda, inda ake rubuta kan magana da manyan baƙaƙe a ja masa layi. A takarda yana da kyau. A fuskar waya manyan baƙaƙe sun fi faɗi, don haka kalmomi kaɗan ne za su samu shiga, ga shi kuma masu karatu da yawa suna ɗaukarsa tamkar ana yi musu tsawa. Sannan kalmar ba ta faɗi komai ba. Gaggawa ga wa, kuma zuwa yaushe? "Kafin 14 ga Maris" ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ana iya auna shi da sauran ayyukan da ke gaban mutum.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi shafar mai rubutu daga Najeriya zuwa waje. Shekaru da dama 'yan damfarar da ake kira 419, sunan da aka ɗauko daga sashe na 419 na kundin dokar laifuka, sun cika akwatunan duniya da saƙonni masu take irin `URGENT BUSINESS PROPOSAL`. Take mai tayar da hankali ba tare da ya faɗi komai ba tsohon tarko ne. Ƙwayar cutar kwamfuta da ta bazu daga Filifin a watan Mayu na 2000 ta shiga miliyoyin na'urori ne da take guda, `ILOVEYOU`, wanda ya sa mutane buɗe abin da aka maƙala. Tun daga nan ake horar da ma'aikata su yi ɗari-ɗari da irin wannan. Manhajojin tace shara ma suna lura. SpamAssassin, wadda masu kula da imel da yawa ke amfani da ita, tana da ƙa'ida mai suna `SUBJ_ALL_CAPS` da ke ƙara wa saƙo maki in takensa duka manyan baƙaƙe ne, kuma in jimillar makin ta kai 5 a tsarinta na asali sai a ɗauke shi a matsayin shara. Kada a zuzuta abin: wannan ƙa'ida ita kaɗai ba ta isa ta jefa saƙo a `Spam` ba, kuma manyan kamfanoni irin Google sun fi duba tarihin adireshin da ya aiko da wasu alamomi masu yawa. Amma baƙon adireshi, da take mai ihu, da takarda a maƙale, in suka haɗu a saƙo ɗaya, ko na'ura ta bar shi ya wuce, mutumin da ke kallo zai yi jinkirin taɓa shi.

Mai rubuta take da Hausa yana da wani abin lura na daban, wato baƙaƙenmu masu lanƙwasa. An gina kan saƙon imel ne a kan haruffan Turanci zalla, kuma wata ƙa'ida ta 1996, RFC 2047, ita ce ke tsara yadda ake naɗe sauran haruffa a cikin take don su yi tafiya lafiya. Manhajojin yau suna yin wannan da kansu ba tare da ka sani ba, kuma ƙ da ɗ da ɓ suna isa yadda aka rubuta su. Amma in saƙo ya bi ta wata tsohuwar na'urar ofis da ba ta warware naɗin daidai ba, ƙ kan fito a matsayin `Æ™`, ɗ kuma `É—`. In ka ga amsa ta dawo maka da irin wannan tarkace a take, ka san inda matsalar take. Bincike ma na iya ba da wahala, domin wanda ya rubuta "kudi" a gurbin nema ba lallai ya samu saƙon da aka sa wa "kuɗi" ba. Ba ina cewa a daina rubuta Hausa daidai ba. Abin da nake cewa shi ne kalmar da za a nemi saƙon da ita nan gaba, gara ta zama lamba ko sunan da ba ya rikiɗa, kamar `CHM 201` ɗin nan.

Bayyana manufa kuma ba ya nufin tona asiri. Take shi ne ɓangaren saƙo da ya fi kowanne fitowa fili. Yana bayyana a fuskar waya ko tana kulle, a kan tebur a gaban baƙi, yana fitowa a kusurwar allo lokacin da ake haska wa taro wani abu daga kwamfuta, sakatare ma yana ganinsa. Hatta a yawancin tsare-tsaren ɓoye saƙo irin PGP, cikin saƙon ake rufewa, taken yana tafiya a buɗe. Saboda haka lambar BVN ko NIN, ko lambar asusu cikakkiya, ko sunan cutar da aka gano a gwaji, ko adadin bashin da ake bin wani, ba su da gurbi a take. `Sakamakon gwajin ranar 2 ga Yuni ya fito` ya isa ya sa a buɗe, ba sai an faɗi abin da gwajin ya nuna ba.

Akwai lokacin da ba kai ke zaɓar take ba, kuma nan ne gwaninta ke jawo asara. Sanarwar ɗaukar ma'aikata takan ce a sa sunan muƙamin ko wata lamba a matsayin taken saƙo. Ba ado ba ne. Sau da yawa an saita akwatin ne ya riƙa duba take, duk saƙon da ke ɗauke da waɗannan kalmomi ya tura shi jakar da masu tantancewa za su buɗe. Wanda ya ga cewa tasa jimlar ta fi daɗi, ko ya fassara, ko ya gajarta, saƙonsa zai zauna a babban akwati tare da tallace-tallace, kuma ba wanda zai sanar da shi. A kwafi abin da aka ce a sa harafi da harafi, in an nemi suna a ƙara shi a inda aka ce. Haka nan in ka kai ƙorafi banki ko kamfanin sadarwa suka amso da wata lamba a cikin taken, wannan lambar ce ke haɗa duk abin da za ka sake aikowa da fayil ɗin ƙorafinka. In ka goge ta, ko ka buɗe sabon saƙo don ka ji shiru, na'urarsu na iya ɗaukarsa sabon ƙorafi, ta ba shi sabuwar lamba, ya koma ƙarshen layi a hannun wani ma'aikacin da bai san an taɓa maganar ba.